Yadda Ake Gane Abin da Discuss, Evaluate da Outline Ke Nema Daga Tsoffin Tambayoyin Jarrabawa

Ɗalibi zai iya haddace darasi tsaf amma ya fito da rabin maki, domin ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Kalmar farko ta tambaya, wato kalmar umarni, ita ke faɗin tsawon amsa da irin zubin da ake so. Ƙamus ba ya wadatarwa a nan, don zai ba ka ma'ana ne kawai, ba zai nuna maka abin da mai makin takarda ke jira ya gani ba. Tsoffin tambayoyi ne ke nuna wannan, in an jera su kusa da juna.

Ka fara da tara takardu na darasi guda. Ɗan ajin ƙarshe na sakandare zai samu littattafan tsoffin tambayoyin WAEC da NECO wajen masu sayar da littattafai a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna. Ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tudun Wada kuwa sai ya nemi na sashensu wajen 'yan ajin gaba, musamman waɗanda malamin da ke koyar da su yanzu ya tsara. Na shekara biyar zuwa goma sun isa.

Mataki na biyu shi ne inda mutane da yawa ke kuskurewa. Suna bin takardun shekara bayan shekara, alhali kamata ya yi a ware su bisa maudu'i. Ka zaɓi maudu'i ɗaya da ke yawan fitowa, ka buɗe tsakiyar littafin rubutu, ka ja layi gida huɗu: shekara, kalmar umarni, adadin abubuwan da aka nema, sai maki. Duk tambayar da ta taɓa maudu'in nan ka kwafe ta yadda take, kada ka gajarta. Idan maudu'i bai canza ba, duk bambancin da ka gani a maki daga kalmar umarni ya fito, ko daga yawan abin da aka nema.

Mu ɗauki mulkin Turawa ta hannun sarakuna, wanda Lugard ya shimfiɗa a Arewa bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Maudu'i ne da masu karatun gwamnati da tarihi ba sa rabuwa da shi.

A ce tambaya ta fara da outline, ta nemi dalilai biyar da suka sa tsarin ya yi nasara a Arewa, an ba ta maki 10. Raba makin da adadin dalilai: kowane dalili maki 2. Wannan lissafin ya gaya maka cewa kalma ɗaya ba za ta isa ba. Wanda ya rubuta "haraji" ya ja layi, ya ambaci abu ne kawai. Wanda ya rubuta cewa Turawa sun tarar da tsarin karɓar haraji da jangali yana aiki, don haka ba su sha wahalar samun kuɗin gudanar da mulki ba, shi ne ya cika sharaɗin. Haka zai yi wa sauran: kotunan alƙalai da suke nan tun kafin zuwan Bature, jerin sarauta daga sarki zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa, biyayyar talakawa ga sarakunansu, da ƙarancin 'yan bokon da za su ƙalubalanci tsarin. Kowanne jimla ɗaya ko biyu, ba gabatarwa, ba kammalawa. In kuma ka tarar da tambaya mai fara da list ko state wadda aka ba maki 5 a kan abu biyar, ka ga bambancin da idonka: a can ambato kawai ake so.

Yanzu duba wadda ta fara da discuss a kan wannan tsarin a Najeriya. Za ka lura makinta ya fi yawa, kuma a jami'a sau da yawa ba a faɗin adadin abubuwan da za a kawo. Dalilan ba su canza ba, sararin da kowanne zai ci ne ya ƙaru. Maganar haraji da ta ɗauki jimla biyu ɗazu, yanzu sakin layi guda ce: yadda dagatai ke tattarawa, yadda ake zubawa a baitulmali, da yadda hakan ya mayar da sarakuna masu karɓar albashi da ke ƙarƙashin idon Razdan da Di'o. Sannan a juya ɗaya ɓangaren. A Gabas, inda yawancin garuruwan Ibo ba su da sarki mai faɗa a ji, Turawa sun naɗa wa mutane shugabanni da takardar izini, abin da ya kai ga boren matan Aba a 1929. Amsar da ta tsaya a Arewa kaɗai, alhali tambayar ta ce Najeriya, ta bar rabin aikinta. Don haka ka riƙa ja wa iyakar tambaya layi, wato wuri da zamanin da aka ambata, kamar yadda kake ja wa kalmar umarni.

Evaluate ita ce mai wuyar sha'ani, kuma ta fi fitowa a jami'a. Ɗalibanmu na jin nauyin yanke hukunci a takarda, kamar rashin kunya ne ɗalibi ya ce ga ra'ayinsa. To hukuncin nan shi ake saye da maki. Abin da za ka yi, ka fara ajiye ma'auni: nasara ga wa? Idan burin Turawa ne ma'aunin, wato mulki mai araha ba tare da tarzoma ba, tsarin ya biya bukata a Arewa. Idan kuwa ci gaban talaka ne, sai ka kawo yadda ilimin boko ya yi jinkirin yaɗuwa, da yadda aka bar 'yan boko a gefe wajen sha'anin mulki. Daga nan ka faɗi ɓangaren da ya rinjaya da dalilinka. Kamar mai awon hatsi ne a Kasuwar Kawo: bai gama aiki ba sai ya ce tiya kaza ce. Hanya mai sauƙi ta gane ko ka yi daidai ita ce ka karanta sakin layinka na ƙarshe. In za a iya cire shi a liƙa a ƙarshen amsar discuss ba tare da an ji wani bambanci ba, ba ka yanke hukunci ba tukuna.

A yi hattara da amsoshin da ke bayan littattafan kasuwa. Da yawansu jerin abubuwa iri ɗaya suke bugawa ko da wace kalma tambaya ta fara, don haka su na tuna maka abubuwan da za ka kawo ne, ba zubin amsa ba. Abin da ya fi su amfani shi ne rahoton manyan masu makin jarrabawa da WAEC ke sawa a shafinta na intanet, darasi bayan darasi. Ƙorafin da ke yawan maimaituwa a ciki shi ne ɗalibai na jera abubuwa ba tare da bayani ba. Wani abin lura kuma, malaman jami'a ba bakinsu ɗaya ba: wani in ya ce discuss har da hukunci yake so. Takardunsa na baya ne za su nuna maka halinsa, in kuma da saura sai ka je ofis ka ce, "Malam, in ka ce discuss, kana son mu faɗi matsayarmu a ƙarshe?"

Mataki na ƙarshe gwaji ne. Ka ɗauki maudu'in nan guda ka amsa shi sau uku, kowanne da kalmarsa, kana duba agogo. Ka ninke saman kowace takarda yadda tambayar ba za ta fito ba, ka miƙa wa abokin karatunka ya faɗi kalmar da kowace amsa ke bi. Duk biyun da ya kasa rarrabewa, su za ka sake rubutawa kafin ka koma maudu'i na gaba.