Darasi: Idan hannun jaka ya ɓalle daga ɗinki

Jakar makaranta ta yara irin wadda ake goyawa a baya, yawanci wuri ɗaya take fara mutuwa, wato can sama inda hannun ya shiga jikin jakar. Nan ne duk nauyin littattafai yake taruwa, ga shi yaro ba ya ɗaukarta da hannu biyu, fizgarta yake yi da ɗaya ya wurga a kafaɗa ya ruga. To a wannan darasin irin wannan jakar za mu gyara da allura da zare, ba sai an kai wa tela ko shumeka ba.

Kafin ka taɓa allura, ka fara duba abin da ya lalace tukuna, don iri biyu ne. Wani lokaci zaren ne kawai ya tsinke, hannun ya zare ya fito amma yadin jakar lafiya lau, za ka ga ƙananan hujojin tsohon ɗinki a jere babu yagewa, wannan mai sauƙi ne. Wani lokaci kuma zaren yana nan daram, yadin ne ya yage ko kuma bakin hannun ya warware ya zama kamar gezar masara. Wannan na biyun shi ne wanda mutane suke ɗinkewa yau, jibi ya sake ɓallewa, sai su ce ai zaren ne ba shi da kyau, alhali a kan ruɓaɓɓen wuri suka mayar da ɗinkin. Yadin da ya riga ya yage ba ya riƙe zare ko da wane iri ne, sai an nemo masa abin da zai taya shi ɗaukar nauyi.

Kayan aikin ba su da yawa. Allura mai kauri, ko ƙaramar basilla in yadin mai tauri ne, da zaren roba irin na masu gyaran takalmi, da almakashi ko reza, da ashana, da guntun kyandir, sai ƙyallen tsohon wandon jins da za a yi faci da shi. Dan Allah kar a yi amfani da zaren ɗinkin riga na yau da kullum, in kuma shi kaɗai ke gida to a ruɓanya shi huɗu.

Mu ɗauka faɗin hannun jakar santimita 5 ne, kamar yatsu uku kenan, kuma ya yage daga sama. Juya jakar ciki ya koma waje. Za ka ga wani siririn ƙyalle da aka naɗe bakin ɗinkin da shi, sai ka farke shi a hankali da bakin reza kamar faɗin tafin hannu, ka tsince ragowar tsohon zare duka. Sannan ka koma kan hannun ka datse gezar nan da almakashi har sai ka kai inda saƙar take da ƙarfi. In na roba ne, kyasta ashana ka gilma wutar a bakin sau ɗaya ko biyu, zai narke ya haɗe ba zai ƙara warwarewa ba, amma gilmawa na ce ba ƙonawa ba, kuma kar ka taɓa da yatsa yana da zafi don manne wa fata yake yi. In kuwa na auduga ne ba ya narkewa, ci zai yi da wuta, shi sai dai ka lanƙwashe bakin ka ɗinke.

Yanzu tura hannun ya shiga ciki kamar santimita 3. A kamfani sau da yawa ɗan kaɗan suke cusawa su bi da layi ɗaya na keke, shi ya sa tun farko bai daɗe ba. Ka tabbata bai murɗe ba, ka gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen ka ga fuska ɗaya suke kallo, ni na taɓa gama ɗinki tsaf sannan na lura a juye na saka, dole na farke na sake.

Facin kuma ka yanko jins ka ninka shi biyu, ya fi hannun faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe. Daga ciki ake sa shi, a kan yadin bayan jakar, bakin hannun a kwance a kan facin, allura ta ratsa su gaba ɗaya. Amfaninsa shi ne in an ja hannun, jan ba zai tsaya a kan layi ɗaya ba, zai bazu har zuwa inda yadin yake da lafiya. Faci ƙarami daidai faɗin hannun kusan aikin banza ne, don a gefensa yadin zai sake yagewa.

Yanko zare kamar kamu uku, ka zura a allura ka haɗa bakin biyu ka ƙulla, sai ka goga shi a jikin kyandir sau uku, hakan na hana shi harɗewa kuma ya fi saurin wucewa. Ɗinkin da za a yi mai komawa baya ne: ka soka allura ka fito gaba, sai ka dawo baya ka shiga hujin da zaren ya ƙare, ka sake fitowa gaba. Tsawon kowane taku kamar ƙwayar shinkafa. Kar ka ce bari in matse su sosai don ya yi ƙarfi, hujoji in sun yi kusa da juna yadin yagewa yake yi a kan layin kamar takardar rasit. Ka ja zaren ya kwanta amma ba har yadin ya tattare ba.

Siffar ɗinkin ita ce akwati mai kusurwa huɗu a kan inda hannun ya hau facin, ka bar ɗan fili daga baki kamar rabin santimita, sannan ka ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren su gicciye a tsakiya. Layin sama, wanda ya fi kusa da kafaɗa, ka bi shi sau biyu don shi ne yake fara shan wahala. Bayan nan ka zagaye gefen facin shi ma da ɗinki ya kama lafiyayyen yadi. In allura ta ƙi shiga kar ka tura da tsokar yatsa, sa kwabo ko guntun fata ka danna gindinta, ka jawo ta ɗaya gefen da filaya.

In ka gama, ƙulla sau biyu daga ciki, ka bar ɗan wutsiya ka narka da ashana, ka mayar da siririn ƙyallen nan ka ɗinke. Zuba littattafan yaron ka ɗaga da hannun da ka gyara shi kaɗai ka girgiza. In ka ga zare yana buɗe baki ko ka ji ƙas ƙas, akwai inda allura ba ta kama facin ba, koma ka duba. Hannun zai ɗan gajarce tunda an datse an kuma cusa, sai a saki maɗaurin ƙasa a daidaita. Tunda jakar tana juye, leƙa ɗaya hannun ma, galibi shi ma ya fara.

Jakar da wannan gyaran ba ya yi mata ita ce ta ledar roba da ta fara ɓarewa tana zubar da gari, duk inda ka soka sai ya tsage. Ta fata mai kauri kuma sai an fara huda ta kafin zare ya shiga, wannan a kai wa baduku.

Aikin aji: kowa ya zo da ƙyallen jins biyu da allurarsa ranar darasi na gaba, za mu gwada akwatin nan da gicciyensa a kai kafin a taɓa jakar kowa.