Yadda ake karanta takardar mai neman aiki da ta cika da gajerun ayyuka

Bara muna neman mai kula da sito a shagonmu na sarin hatsi da mai a Marwa, sai takardar wani saurayi ta zo hannuna: ayyuka shida daga 2019 zuwa 2025. Ƙanena, wanda muke kasuwancin tare, ya duba ya ce, "Yaya, wannan ba mazauni ba ne, kafin ya san inda makulli yake ya tafi." Na ce a bar mini ita ta kwana.

Da farko, a samu farar takarda a jera ayyukan da wata da shekara, daga na farko zuwa na ƙarshe. Idan shekara kawai mutum ya rubuta, a nemi ya kawo watannin, domin "2021 zuwa 2022" yana iya zama wata biyu, yana iya zama wata ashirin. Na saurayin nan ga yadda suka fito. Nuwamba 2019 zuwa Afrilu 2020, awon auduga. Satumba 2020 zuwa Mayu 2021, rabon abinci da wata ƙungiyar agaji a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, kusa da Mokolo. Nuwamba 2021 zuwa Afrilu 2022, auduga kuma. Yuli zuwa Disamba 2022, ƙungiyar nan ta farko, amma a Kusiri. Fabrairu zuwa Mayu 2023, wani shagon kayan gini a Garwa. Sai Satumba 2023 zuwa Fabrairu 2025, sito na wata ƙungiyar daban. Cikin wata 64 ya yi aiki wata 49. Watannin da ya zauna kuwa kusan duka damina ce, kuma ɗan manomi ne.

Daga nan sai babbar tambaya, a gefen kowane aiki: wa ya kawo ƙarshensa? Aikin ne ya ƙare, mai aikin ne ya sallame shi, ko shi ya ajiye? A nan aka fi yi wa mutane rashin adalci a yankinmu, saboda yawancin aikin da ake samu da takarda tun ranar ɗauka an san ranar ƙarewarsa. Auduga tana da kakarta. Ana saye da awo da rani, da an kwashe sai a sallami ma'aikatan kaka, ko a ƙauyukan da ke sayar wa kamfanin auduga na SODECOTON ko a masana'antun gurza. Wanda ya yi wata shida a can ya cika aikinsa cif. Ƙungiyoyin agaji kuma da kuɗin masu ba da tallafi suke ɗaukar mutum, wata shida, wata tara, shekara ɗaya, kuɗi na ƙarewa kwantiragi ya ƙare. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ma ta san da irin wannan kwantiragi mai wa'adi, wanda za ka ga an rubuta CDD a kansa: ba ya wuce shekara biyu, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin tallafin ƙasashen waje, ayyuka da dama suka tsaya rana ɗaya. Duk takardar da na ga aikinta ya yanke a watannin nan, wannan nake fara tambaya.

Da na yi wa ayyukan saurayin wannan tankaɗe, biyar cikin shida wa'adi ne ko kuɗi ya ƙare. Guda ɗaya kawai ya ajiye da kansa, na Garwa.

Sai a ƙirga iyayen gida, ba layukan takarda ba. Layi shida ne, amma wurin aiki huɗu, kuma biyu daga ciki sun sake kiransa. Ni wannan ya fi mini kowace takardar yabo nauyi. Wanda ya auna audugar mutane kaka guda aka sake ba shi sikeli wata kakar, ba a kama shi da taɓa awo ba. A duba kuma ko sana'a ɗaya ce ke bin ayyukan. Nasa duka awo ne, ƙirga, da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, wato ainihin aikin sito.

Bayan haka a karɓi takardun shaidar aiki, waɗanda ake rubuta Certificat de travail a samansu. Kada a sa ran za su faɗi dalilin rabuwa ko halin mutum. Abin da doka ta nema a ciki shi ne ranar shiga, ranar fita, da irin aikin da aka riƙe. Amfaninsu a gwada ranakun da abin da mutum ya rubuta. Kwana goma ko ashirin ba komai ba ne, amma idan wata uku ya koma wata tara, akwai magana. Rashin takardar daga ƙaramin shago kuma ba laifi ba ne, ɗan kasuwa nawa ne cikinmu yake ba yaronsa ita?

A waya, kira biyu sun isa, kuma gara wanda ya yi aiki a kansa kai tsaye da mai ofishin ma'aikata. Ba na tambaya ko mutumin kirki ne, kowa zai ce e don kada ya toshe wa wani abinci. Ina cewa, "Da kuɗi zai dawo gobe, za ka sake ɗaukarsa?" Sannan, "Ranar da ya tafi, ya miƙa littafi da makulli daidai?" Shirun da ake yi kafin amsa shi ma a saurare shi.

Ranar ganawa ban ce wa saurayin "me ya sa ba ka zama wuri ɗaya" ba, wannan tuhuma ce, kuma ƙarya take koya wa mutum. Na ce ya ba ni labarin yadda kowane aiki ya ƙare. Da muka iso na Garwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, wata biyu ba a biya ni ba, ga haya. Na faɗa wa mai gida tun saura mako biyu, muka ƙirga siminti da kwano tare, sannan na tafi." Ya ba ni lambar mutumin da kansa. Na kira, mutumin bai musa ba.

Akwai takardun da gajerun ayyukansu abin tsoro ne da gaske. Wanda ya ajiye aikin dindindin sau uku a jere, kowanne cikin wata uku ko huɗu, kuma a bakinsa kowane mai gida azzalumi ne. Wanda ba shi da lambar ko mutum ɗaya da zai yarda a kira. Wanda tafiyarsa kullum take faɗowa dab da ƙirgar kaya. Irin waɗannan na mayar da su, ko da takardunsu sun sha hatimi.

Abin da ya rage shi ne damuwar ƙanena, kuma tana da tushe: albashin ƙungiya ya fi namu, idan suka dawo fa? Na tambayi saurayin kai tsaye, na kuma faɗa masa albashinmu tun kafin ya amsa. Ya ce ya yi aure, ya gaji da zaman jiran kwantiragi, amma ba zai rantse mini ba. Muka rubuta lokacin gwaji na wata uku, domin doka a rubuce take son sa, muka kuma sa shi koya wa ƙaramin yaronmu riƙe littafin sito tun makon farko, saboda ko ya tafi kada littafin ya bi shi. A ƙirgar ƙarshen watansa na farko ya gano buhu huɗu na shinkafa da aka rubuta sau biyu tun kafin zuwansa.