Yadda ake rage rubutun bidiyo daga minti 10 zuwa 5

Da farko karanta rubutun da baki kana duba agogo, ka lura da inda minti 5 suka cika.

Sannan rubuta ƙashin labarin, kamar haka: Audu ya ci bashi, ya sayi taki, ruwa ya ɗauke, mai bashi ya zo. Duk fitowar da ba ta ɗauke da ɗayan waɗannan, cire ta ɗungurungum. Doguwar gaisuwa da hirar majalisa su fara tafiya.

Amma kula da dalili. In ka yanke wurin cin bashin, mai kallo zai ga baƙo yana masifa a ƙofar gida bai san laifin Audu ba. Nan aka fi kuskure. Bar ko jimla ɗaya ce.

Daga ƙarshe karanta wa wanda bai san labarin ba. Inda ya ce "me ya sa?", mayar da abin da ka cire.