Shawara ga masu kai madara gari a lokacin zafi

Salamu alaikum 'yan uwa. Yanzu da bazara ta kama, madarar da aka tatsa da ƙarfe 6 na safe tana iya juyawa kafin 10, musamman idan rana ta buge ta a hanya. Ku yi tatsa da asuba, ku tace, ku kama hanya kafin rana ta ɗaga.

Abin da ya fi cutar da mu shi ne jarkar roba mai ƙaramin baki. Hannu ba ya shiga a wanke ta, maiƙon jiya na maƙale a lungunanta, shi ke tsinka madarar yau. Na yi asarar lita 20 a haka. Ku nemi bokitin ƙarfe mai faɗin baki da murfi, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a kife ya bushe.

Ku cika shi sosai, don in akwai sarari a ciki, girgizar babur na kaɗa madarar ta fitar da man shanu. A naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, iskar tafiya za ta sanyaya shi. A mota kuwa, kada ku bari kwandasta ya ajiye shi kusa da inji.

Kada a haɗa ta daren jiya da ta safe. In kuna shakka, ku tafasa cokali ɗaya: idan ta tsinke, a mai da ita nono.