Kulle sikirif kafin gyara ya rikita ku

Jama'a masu harkar fim, da zarar an raba wa ma'aikata sikirif to a kulle shi, lambar shafi da lambar sin kar su sake motsi ko da gyara nawa za a yi.

Misali marubuci ya ƙara magana a shafi na 12 har ta zubo gaba, kar ka bari ta ture 13, sabon shafin sai ya zama 12A, in ya ƙaru 12B. In an cire sin na 30 kar a goge lambar, a barta a rubuta OMITTED a gabanta, in kuma sabon sin ne ya shigo tsakanin 30 da 31 sai a kira shi 30A, saboda mai kula da kaya da mai tsara ranakun ɗauka duk da waɗannan lambobin suka yi lissafinsu.

Shafukan da aka taɓa kaɗai ake bugawa, kowane zagaye da kalar takardarsa, fari shi ne na asali, sai shuɗi, sai ruwan hoda, sai rawaya, sai kore. A saman shafin a sa kalar da kwanan wata, kuma duk layin da ya canza a sa masa alamar tauraro, wato *, a gefen dama.

Inda aka fi yin kuskure wallahi shi ne barin taurarin zagayen shuɗi a kan shafin ruwan hoda, jarumi ya duba ya rasa wane layi ne sabo. A cire tsofaffin tukuna. Kuma kafin a fara ɗauka a tambayi kowa kalar shafin da ke hannunsa, in ta bambanta to wani tsohon gyara ya haddace.