Wasa na tashi a cikin Unity amma yana mutuwa bayan an haɗa shi

1. A Build Settings, ko Build Profiles a Unity 6, ka sa alama a Development Build, ka sake haɗa wasan. Da haka rahoton kuskure zai nuna sunan fayil da lambar layi.

2. Kunna wasan har ya mutu, sannan ka buɗe Player.log. A Windows yana nan:

```
%USERPROFILE%\AppData\LocalLow\CompanyName\ProductName\Player.log
```

Ka sa sunayen da ke Player Settings a madadin CompanyName da ProductName.

3. Fara karantawa daga sama. Kuskuren farko shi ne tushen matsalar, sauran galibi biyo shi suka yi.

4. A ce ka ga NullReferenceException, layin kuma ya kai ka inda aka kira Shader.Find. A cikin Unity duk kayan aikin suna nan, shi ya sa kiran ke samun abin da yake nema. Amma lokacin haɗawa, Unity na ɗaukar abin da wani fage ya dogara da shi ne, da abin da ke cikin Resources. Abin da aka kira da suna kawai barinsa ake yi, sai kiran ya dawo da null. Maganinsa: ka ƙara shader ɗin a Always Included Shaders, ƙarƙashin Graphics a Project Settings.

5. Idan Resources.Load ne, ka tabbata fayil ɗin yana cikin Resources, kuma ba ka rubuta .png a ƙarshen sunan ba.

6. Sake haɗawa, ka duba sabon Player.log.