Yadda za ka yi idan baƙuwar lamba ta yi maka bip

Mutane da yawa a nan Garwa sun tambaye ni abin da ke cinye musu kiredi bayan sun mayar da kira. Akwai lambobi masu tsada na musamman, waɗanda mai su ke samun kaso daga kowane minti da ka yi a layi. Shi ya sa suke bip sau ɗaya su kashe. Ga matakan:

1. Kada ka danna kira tukuna.

2. Duba farkon lambar. Kamaru +237 ce, Cadi +235, Najeriya +234, Nijar +227.

3. Hattara, nan ake yin kuskure: +232 ta Saliyo ce. Wata maƙwabciyata ta gani da asuba, ta ɗauka ɗanta ne daga Kano. Kiɗa kawai ta ji da muryar da ke cewa ta jira, har kiredinta na sefa 1,000 ya ƙare. Abin ya ba ni takaici matuƙa.

4. Ƙirga lambobin. Wayar hannu ta Kamaru tara ce bayan +237, tana farawa da 6.

5. Tambayi kanka ko kana da wani a ƙasar. In babu, ƙyale ta. Mai nemanka da gaske zai sake kira ko ya turo saƙo.

6. In ka riga ka kira, kashe nan take. Jiran ma kuɗi ne.

7. Duba ragowar kiredinka.

8. Toshe lambar.

9. Sanar da kamfanin layinka, ka ba su lambar da lokacin kiran.